Akwatin albashi ya tsayar da ni, nawa zan rubuta?

Assalamu alaikum, Yaya. Ni akanta ne, shekarata huɗu ina aiki a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Ana ba ni naira 180,000 a hannu duk wata, da abincin rana, babu fansho, babu takardar albashi. Ina da mata da yara biyu. Na ga tallan aikin akanta a wani kamfani a Abuja, na cike fom ɗin duka, sai na iso akwatin da aka rubuta `Expected salary`, kuma lamba kaɗai yake karɓa. Wani abokina ya ce in sa 250,000, wani ya ce 500,000, kawuna kuwa ya ce in ce musu duk abin da suka bayar Allah ya sa albarka. Ina tsoron in sa da yawa su jefar da takardata, ina tsoron in sa kaɗan in cuci kaina. Saura 'yan kwanaki a rufe. Me zan rubuta?

Ƙaninka daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Kafin mu kai ga lamba, koma kan fom ɗin ka sake karanta abin da ke jikin akwatin, har da ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinsa. Abu biyu nake so ka gano. Na farko, albashin wata suke tambaya ko na shekara? Idan ka ga `per annum` ko `annual`, na shekara ne. Na biyu, kuɗin da suke nufi kafin cire haraji da fansho ne, wanda suke rubutawa `gross`, ko wanda zai faɗo asusunka ne, wato `net`? Idan ba su faɗi ko ɗaya ba, ka ɗauka cewa kafin cirewa suke nufi, domin da wannan lissafin kamfanoni ke tsara kasafinsu, da shi kuma suke rubuta takardar ɗaukar aiki. Kai ka saba da kuɗin hannu, su kuwa ba da shi suke magana ba. A nan mafi yawan mutanen da suka fito daga ƙananan kamfanoni ke yin asara tun ba a fara ciniki ba.

Na taɓa zama a wurin tace takardun masu neman aiki, inda aka zuba sunaye a jadawali, kowa da lambar da ya rubuta a gefen sunansa. Akwatin na shekara ne, amma wani bawan Allah ya rubuta 250,000. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara, saboda haka kowa ya gane na wata yake nufi. An gyara masa a zuci, amma aikin lissafi yake nema, kuma wanda ke shugabantar zaman ya ce mutumin da bai karanta kan akwati ba ta yaya za a damƙa masa littafin kuɗi. Kai ma akanta ne, irin wannan kuskuren ya fi yi maka illa fiye da kowa.

Abin da ake yi da lambar ba wani sirri ba ne. Kafin a buga talla, an riga an ware wa kujerar kuɗi, daga kaza zuwa kaza. Idan takardu suka taru, ana duba wanda ya cancanta, sannan a duba wanda lambarsa ta yi nisa da abin da aka ware. Wanda ya haura da kaɗan, in takardunsa sun yi kyau, yawanci waya ake buga masa: “Malam, mun ga abin da ka rubuta, kasafinmu bai kai nan ba, akwai halin sauƙi?” Wanda ya ninka kasafin biyu shi ne ake ajiyewa ba tare da magana ba. Wanda ya rubuta ƙasa da kasafin kuwa ba a cika jefar da shi ba, kiransa ake yi da murna, a ba shi abin da ya nema ko a ɗora masa ɗan wani abu ya tafi yana godiya. To ka ga tsoron nan biyu da kake ji ba nauyinsu ɗaya ba. Haurawa da kaɗan yana da magani. Saukowa da yawa kuwa yakan bi mutum shekaru, tunda ƙarin albashi na shekara-shekara a kan abin da ka fara da shi ake lissafa shi.

Maganar kawu tarbiyya ce, kuma tana da wurinta. Idan maigidanka ne da ya san mahaifinka, ya san iyalinka, zai taimaka ranar suna da ranar rashin lafiya, to “duk abin da aka bayar” magana ce mai riba. Kamfanin da zai ɗauke ka ta fom bai san ka ba, kuma abin da aka rubuta a takarda shi kaɗai zai biya. Abokanka biyu kuma ban ga wanda ya faɗa maka daga ina ya samo lambarsa ba. Ka tambaye su. In ɗaya ya ce ƙanin matarsa yana irin wannan aikin a Abuja kuma haka ake biyansa bana, to wannan labari ne mai amfani. In ya ce haka kawai ya ji a ransa, ka yi masa godiya ka wuce.

Lambar farko da za ka fitar ba ta shafi kamfanin ba. Ita ce mafi ƙarancin kuɗin da zai sa barin Kano ya zama ba asara ba. Ɗauki biro da takarda. Zan sa nawa alƙaluman don ka ga yadda ake yi, kai kuma ka maye su da na gaskiya bayan ka tambayi wanda ke zaune can.

Mu ƙaddara shekarar farko iyali za su zauna a Kano, kamar yadda yawancin mutane ke yi har su ga kamun ludayin aikin. Wato kuɗin da gida ke ci yanzu zai ci gaba da tafiya, ba abin da zai ragu sai abin da kai kanka kake kashewa. A Abuja kuwa sabon gida za ka buɗe. Albashin akanta ba ya kama ɗaki a Wuse ko Maitama, saboda haka maganar Mararaba ce, ko Nyanya, ko Kubwa, ko Lugbe, ko ma Suleja. Mu ce ɗaki 600,000 a shekara, wato 50,000 a wata. Kuɗin mota zuwa ofis da dawowa mu ce 2,000 a rana, kwana 22 na aiki ya kama 44,000. Abinci, tunda abincin ranar da ake ba ka yanzu ya tafi kuma babu tukunyar gida, mu ce 40,000. Zuwa ganin iyali sau ɗaya a wata, 30,000. Idan ka tara waɗannan a kan 180,000 za ka samu 344,000. Cire abin da kake kashe wa kanka a Kano yanzu, kuɗin adaidaita sahu da ɗan abin da ba a rasa ba, mu ce 44,000. Ya rage 300,000.

Ka dubi wannan lambar da kyau. Naira 300,000 a hannu a Abuja daidai take da 180,000 ɗin da kake karɓa a Kano. Ba ka ci gaba ba, ba ka koma baya ba. Abokin da ya ce ka sa 250,000 yana ganin ya ƙara maka 70,000, alhali ya tura ka aikin da za ka riƙa cin bashi kafin ƙarshen wata. Ban ma sa kuɗin da za a nema a dunƙule ranar kama ɗaki ba, hayar shekara guda da la'adar dillali da katifa da tukunyar gas.

Yanzu sai a mayar da 300,000 ɗin nan zuwa lissafin kamfani, kuma nan ne nake so ka zauna da ni kaɗan.

A kamfanin da ke bin doka, abu biyu ne manya ake cirewa. Na farko fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aiki ya ba da kashi 10, kuma ana lissafa su a kan ainihin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri. Na biyu harajin albashi. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a watan Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, miliyan 9 da ke bayansu kuma kashi 18. Akwai rangwamen haya, kashi 20 na abin da kake biya a shekara, amma ba zai wuce 500,000 ba, kuma sai ka bayyana hayar taka kafin a ba ka shi.

To mu ce ka rubuta 300,000 a akwatin kana nufin kuɗin hannu, su kuma suka karanta shi a matsayin albashi kafin cirewa, suka ce sun amince. A shekara 3,600,000 ke nan. Don sauƙin lissafi mu ɗauka ana cire fansho a kan dukkan kuɗin: kashi 8 ya kama 288,000. Rangwamen haya a kan 600,000 ya kama 120,000. Abin da za a ɗora wa haraji ya zama 3,192,000. Na farkon, 800,000, kyauta. Miliyan 2.2 a kashi 15 ya ba da 330,000. Ragowar 192,000 a kashi 18 ya ba da 34,560. Haraji duka 364,560. Cire fansho da haraji daga 3,600,000, abin da ya rage 2,947,440, ka raba gida goma sha biyu, ka samu 245,620. Wannan ne saƙon da zai shigo wayarka ƙarshen wata. Ka nemi 300,000, an ba ka 300,000, amma kana da giɓin fiye da 54,000 kowane wata, kuma babu wanda ya yaudare ka.

Idan ka juya lissafin, za ka ga sai albashin ya kai kimanin 372,000 kafin cirewa sannan 300,000 za ta shigo hannunka. A shekara kusan miliyan 4.5 ke nan. A wannan matakin albashi, kusan kashi ɗaya cikin biyar ne ke tafiya. Idan kamfanin ya rarraba albashin ta yadda fansho ba ta hau kan dukkansa ba, abin da zai shigo hannu zai ɗan fi haka, amma kada ka gina lissafinka a kan wannan. Kuɗin fanshon naka ne, yana taruwa a asusunka tare da kashi 10 na kamfani, kuma wannan riba ce ta gaske da ba ka da ita yanzu. Sai dai ba ya sayen buhun shinkafa a watan da kake ciki.

Saboda haka ƙasanka 372,000 ne. Ba ita za ka rubuta ba. Ita ce lambar da idan aka sauko ƙasa da ita za ka ce a yi haƙuri.

Lamba ta biyu ita ce abin da irin wannan kujerar ke biya, kuma ita ce ta fi wahalar samu, tunda mu mutane ne da ba ma faɗin albashinmu ko ga matanmu wani lokaci. Kada ka tambayi kowa nawa ake biyansa, zai kauce. Ka ce masa: “Idan kamfani irin wannan zai ɗauki akanta mai shekara huɗu a Abuja, daga nawa zuwa nawa kake ganin za su bayar?” Mutum yana amsa wannan cikin sauƙi domin ba asirinsa ka nema ba, kuma galibi abin da zai faɗa yana kewaye da nasa albashin. Waɗanda suka fi ba da amsa ta gaskiya su ne wanda ya bar kamfanin, da wanda ke harhaɗa albashin ma'aikata a kamfani makamancinsa, da abokan karatunka da suka riga ka tafiya. Idan kana cikin masu rubuta jarrabawar ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, wato ICAN ko ANAN, ajin darasin nan cike yake da mutanen da suka san wannan amsar. Mutum uku sun isa, in dai daga wurare dabam-dabam suke.

Duk wanda ya ba ka lamba, ka bi shi da tambaya biyu: kafin cirewa ko a hannu, kuma a wace shekara? Ta biyun tana da muhimmanci ƙwarai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin komai ya sauya, kamfanoni da yawa sun sake tsarin albashinsu, wasu fiye da sau ɗaya. Wanda ya bar aiki a 2022 zai faɗa maka gaskiya, amma gaskiyar da ta tsufa. Haka alƙaluman da za ka gani a shafuka irin su Glassdoor, yawancinsu an haɗa tsoho da sabo, an haɗa Legas da ko'ina. Abin da ya fi su amfani shi ne tallace-tallacen aiki na watannin nan a Jobberman ko MyJobMag, domin wasu masu ɗaukar aiki suna rubuta abin da za su biya. Ka nemi tallan akanta a Abuja mai buƙatar irin shekarunka, ka rubuta lambobin da ka gani tare da girman kamfanin.

Girman kamfanin da irinsa suna canza amsar sosai. Da aikin gwamnati ne, da ba mu ɓata lokaci ba, domin albashin yana kan mataki ne a rubuce kuma abin da ka sa a akwatin ba ya motsa shi. Manyan ƙungiyoyin agaji ma kusan haka suke, kowace kujera da matakinta kuma kuɗin yana cikin kasafin mai ba da tallafi. Kamfani mai zaman kansa shi ne inda lambarka ke da tasiri na gaske. Ka kuma duba wa ya buga tallan. Idan kamfanin samar da ma'aikata ne ya buga a madadin wani, ka bincika ko kai ma'aikacin babban kamfanin za ka zama ko na ɗan kwangilar, domin mutum biyu na iya zama a tebur ɗaya suna aiki ɗaya, albashinsu da alawus ɗinsu ba su haɗa hanya ba.

Mu ce bayan ka yi wannan tambaye-tambayen, ka daidaita amsoshin duka zuwa albashin wata kafin cirewa, sai ka ga suna yawo tsakanin 380,000 da 480,000. Ƙasanka 372,000, wato aikin zai iya ɗaukar ka. Ni a wurinka 450,000 zan rubuta idan na wata ne, ko 5,400,000 idan na shekara ne. Ka rubuta lambar tsirara, babu waƙafi babu alamar naira, tunda wasu akwatunan suna ƙin karɓarsu:

```
5400000
```

Dalilina shi ne, lambar tana cikin abin da kasuwa ke biya, saboda haka ba za ta sa a jefar da kai ba. Tana sama da tsakiya, saboda haka akwai inda za ka sauko. A kasuwar dabbobi mai saye ne ke tayawa, mai kaya ya ce albarka har a kai inda zai sallama. Fom ɗin nan ya juya abin, ya sa kai mai kaya ka fara faɗin kuɗi, kuma duk wanda ya fara faɗi ya san ƙasa za a ja shi. Da irin lissafin da muka yi, 450,000 za ta ba ka kimanin 359,000 a hannu. In sun ja ka zuwa 420,000, kana da kimanin 336,000, har yanzu sama da ƙasanka da abin da za ka iya tarawa don ɗauko iyali. Ban ce ka sa 480,000 ba domin ƙarshen saman yawanci na wanda ya gama ICAN ne ko wanda ya riga ya yi aiki a babban kamfani, kai kuma ba ka ambaci ko ɗaya ba. In kana da takardar, matsa sama.

Za ka ji masu cewa a rubuta 0 ko 1 a akwatin don a tsallake shi. Ban yarda da wannan ba a matakinka. Wanda ake farautarsa, babban manaja da kamfanoni ke rububi, zai iya yin haka a kira shi duk da haka. Kai kana cikin ɗaruruwan takardu, kuma mai tacewa yana neman dalilin rage su. Sifili a akwatin da aka ce dole ne yana iya zama wannan dalilin, ko a ɗauka ba ka kammala fom ɗin ba.

Da akwatin yana karɓar rubutu, da na ce ka ba da tazara, kamar haka:

```
NGN 5,200,000 - 5,800,000 gross per annum, negotiable
```

Amma ka sani, idan ka ba da tazara, lambar ƙasa ce mai ɗaukar aiki ke ji. Saboda haka kada ƙasan tazarar ya zama ainihin ƙasanka. Kalmar `Negotiable` ita kaɗai kuwa ba ta cutar da kai, sai dai ba ta raba ka da tambayar, ranar ganawa za su sake yi maka ita baki da baki, kuma a nan ba ka da biro da takarda. Idan fom ɗin yana da wurin ƙarin bayani ko wasiƙar neman aiki, layi ɗaya ya isa ka ce lambar da ka sa kafin cirewa ce, kuma kana shirye a tattauna idan ka ga sauran abin da ke cikin aikin.

Akwai akwatin da yakan zo maƙwabcin wannan, `Current salary`. In yana nan, kada ka ƙara ko sisi. Wasu kamfanoni suna neman takardar albashi ko bayanan asusun banki na watannin baya kafin su ba da takardar aiki, kuma akanta da aka kama da ƙarya a kan kuɗi ya gama. Abin da ya halatta shi ne ka ƙidaya duk abin da ake ba ka da gaske. In akwai wurin bayani ka rubuta cewa 180,000 ɗin kuɗin hannu ne, ban da abincin rana, ban da abin da ake bayarwa da azumi ko da salla in ana bayarwa. Idan ranar ganawa aka ce maka daga 180,000 zuwa 450,000 ai tsalle ne babba, kada ka fara ba su labarin yara da tsadar rayuwa. Ka ce na farkon kuɗin hannu ne a Kano babu fansho, na biyun kafin cirewa ne a Abuja, kuma ka ɗora shi ne a kan abin da ka bincika ana biyan irin wannan aikin. Daga nan ka koma kan abin da ka iya: littattafan da kake riƙewa, yawan kuɗin da ke bi ta hannunka, manhajar lissafin da ka ƙware a kai, ko ka taɓa shirya takardun haraji ko ka zauna da masu binciken kuɗi. Buƙatarka ita ta fitar maka da ƙasanka, amma su aikinka za su saya.

Idan kuma binciken ya nuna akasin misalina, a ce kujerar ba ta wuce 300,000 kafin cirewa ba alhali ƙasanka 372,000 ne, kada ka sauko don kawai a kira ka. Ka rubuta 380,000 ko 400,000 ka tura. In ba su kira ba, ka tsira daga aikin da zai ci maka jari. Wurin da zan yarda ka karɓi ƙasa da lissafinka shi ne idan akwai abin da ke rage maka kashe kuɗi kai tsaye, kamar masauki, ko motar ma'aikata, ko inshorar lafiya da ta haɗa da matarka da yara, ko kamfanin zai biya maka kuɗin jarrabawa. Waɗannan ana iya sa musu farashi a cire daga lissafin. Alƙawarin “za mu duba bayan wata shida” ba shi da farashi sai an rubuta shi a takarda.

Kafin ka danna turawa, ɗauki hoton shafin da wayarka. Watanni kan wuce kafin a kira mutum, kuma in ka cike fom goma za ka manta abin da ka sa a kowanne, su kuwa yana gabansu a buge. Lambar ba rantsuwa ba ce. Idan a ganawa ka gano aikin ya fi abin da talla ta faɗa, a ce za ka kula da rassa uku ko za ka riƙa tafiye-tafiye, kana da damar cewa abin da ka rubuta a kan bayanin talla ne, yanzu da ka ji cikakken aikin kana neman a sake dubawa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka canza lamba ba tare da wani sabon abu ya bayyana ba.

Ranar da takardar aiki ta zo da lambar shekara, ka nemi a rarrabe maka ita kafin ka sa hannu. Wasu kamfanoni suna cusa albashin wata na goma sha uku da alawus ɗin hutu a cikin jimlar, wasu har da kashi 10 na fanshon da su ne ya kamata su biya. Naira 5,400,000 da aka raba gida goma sha biyu 450,000 ce, amma in akwai wata na goma sha uku a ciki ta koma kimanin 415,000 a wata. Ka tambayi mai kula da ma'aikata kai tsaye nawa ne zai shigo asusunka a watan farko, ka roƙi a aiko maka da amsar a rubuce, sannan ka kwatanta ta da 300,000 ɗin da ke takardarka.